Inbois ɗaya, haraji iri uku: yaya ake raba jimilla?

Nura_SabonGari:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar akantocin cikinmu. Ina riƙe wa wani dila a Sabon Gari lissafi, shi yake kai wa makarantun kwana kaya. Inbois ɗinsa suna fita a PDF, na masu kawo masa kaya kuma hoto ake turowa. Ina tsamo layukan in zuba a Excel, don ƙarshen wata in san nawa aka sayar a kan kashi 7.5, nawa a kan sifili. Matsalar ita ce yawancin takardun gauraye suke. Ga ɗaya ta watan Fabrairu 2026:

Shinkafa buhu 10 a kan 68,000, ta kama 680,000. Littattafan karatu 200 a kan 1,500, 300,000. Garin wanki katon 12 a kan 14,500, 174,000. Lemon kwalba kiret 20 a kan 4,300, 86,000. Audugar mata 'yar gida katon 5 a kan 24,000, 120,000. Kaya duka 1,360,000. A ƙasa an rubuta ragi 34,000, kuɗin mota 40,000, sai `VAT 7.5%` 22,012.50. Abin biya 1,388,012.50.

Fomular da nake amfani da ita ta ɗauki 1,366,000 ta buga da kashi 7.5, ta ba ni 102,450. Takarda ta ce 22,012.50. Na san shinkafa ba ta da haraji, amma ta yaya zan raba ragin nan da kuɗin mota? Kuma in dunƙule duk abin da ba shi da VAT wuri ɗaya ya isa?

Sani_PZ:
Wa alaikumus salam. Ai abin ba wuya. Ka raba harajin da 0.075, ya ba ka 293,500. Wannan shi ne abin da aka caja wa haraji. Ka cire shi daga 1,366,000, saura 1,072,500, ka rubuta masa sifili. Shi ke nan, ba sai ka karanta layi ko ɗaya ba.

Hajiya_Odita:
Malam Sani, rabin maganarka daidai ne. Raba harajin da 0.075 hanya ce mai kyau ta gano abin da aka caja, kuma ni ma da ita nake fara duba kowace takarda. Inda ka kauce shi ne 1,072,500 ɗin nan. Ba abu ɗaya ba ne, abu biyu ne da suka yi kama a ido.

Akwai kayan da doka ta ce suna cikin VAT amma a kan kashi sifili. Akwai kuma waɗanda aka tsame daga harajin gaba ɗaya. A takarda dukansu ba ka ga ko kwabo na haraji, amma a lissafin mai sayarwa sun rabu. Wanda ya sayar da kayan sifili yana da damar neman harajin da ya biya a kan abubuwan da ya saya don yin wannan cinikin. Wanda ya sayar da kayan da aka tsame ba shi da wannan damar, harajin ya narke cikin tsadar kayansa. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, abincin yau da kullum kamar shinkafa, da littattafan karatu, da magunguna suna kan sifili. Audugar mata da aka yi a gida, da kayan jarirai, suna cikin waɗanda aka tsame.

Saboda haka Nura, takardarka rukuni uku ce, ba biyu ba. Kada ka tara da reto kaɗai, wato kason harajin. Ka tara da rukuni da reto tare.

Nura_SabonGari:
Na gode Hajiya. To amma a aikace me zai sauya? Haraji dai 22,012.50 ne ko na raba ko ban raba ba.

Hajiya_Odita:
Harajin da aka karɓa ba zai sauya ba. Wanda maigidanka zai cire kafin ya biya ne zai sauya. Ka ɗauka yana biyan VAT a kan wani abu da ya shafi cinikin duka, kamar gyaran motar da ke kai kaya. Ba zai cire duka ba, sai gwargwadon cinikin da ke cikin haraji. In aka auna da yawan ciniki, kuma muka ɗauki takardar nan kaɗai a matsayin misali, kayan 7.5 da na sifili sun kai kusan kashi 91 cikin ɗari. In ka jefa shinkafa da littattafai cikin waɗanda aka tsame, abin da ya rage kusan kashi 21 ne. Ka ga ka jawo masa asara da hannunka. In kuma ka yi akasin haka, ka kira audugar sifili, ya ci abin da ba nasa ba, ranar bincike a karɓe da tara.

Bashir_Kongo:
Bari in yi lissafin a fili don kowa ya gani, tunda Hajiya ta ba da rukunan. Zan yi amfani da haruffan da ake sa wa a inbois na lantarki irin na UBL: `S` mai cikakken haraji, `Z` mai sifili, `E` wanda aka tsame.

Kafin ragi, `Z` shinkafa da littattafai ne, 980,000. `S` garin wanki da lemo, 260,000. `E` auduga, 120,000.

Ragin 34,000 in ka raba shi da 1,360,000 kashi 2.5 ne cif, alamar cewa a kan kaya duka aka yi shi, ban da kuɗin mota. Sai kowane rukuni ya ɗauki rabonsa gwargwadon nauyinsa. `Z` ya ɗauki 24,500, ya koma 955,500. `S` ya ɗauki 6,500, ya koma 253,500. `E` ya ɗauki 3,000, ya koma 117,000.

Yanzu ka duba: Malam Sani ya samo 293,500, mu muna da 253,500. Tazarar 40,000 ce, daidai kuɗin mota. Ke nan manhajar dilan ta ɗora kuɗin mota gaba ɗaya a kan 7.5. Jimillar da za ka rubuta ita ce:

```
S  7.5   293,500.00   22,012.50
Z  0     955,500.00        0.00
E  -     117,000.00        0.00
```

Ka haɗa ukun, 1,366,000. Ka ƙara haraji, 1,388,012.50. Ta rufe.

Sani_PZ:
To ai amsata ce ta fito, 955,500 da 117,000 ba 1,072,500 ba ne? Na yarda da maganar raba su, amma hanyata ta fi sauri.

Bashir_Kongo:
Ta fi sauri in mai takardar bai yi kuskure ba. Hanyarka tana gaya maka abin da aka caja, ba ta gaya maka ko an caja daidai. Amfaninta na gaske shi ne ka haɗa ta da lissafin layuka, ka ga ko sun haɗu. In ba su haɗu ba, tazarar da kanta takan faɗi abin da ya faru. A wannan takardar, da harajin 22,500 ne, sai ka san an buga shi a kan 300,000, wato ba a rage wa kayan `S` komai ba. Da 19,950 ne, an loda ragin 34,000 duka a kan `S`, wanda dabara ce ta rage haraji kuma mai bincike zai tsaya a kai. Da 19,012.50 ne, ba a caji kuɗin mota ba. Duk takardar da ba ta rufe ba, waɗannan ukun nake fara gwadawa kafin in zargi OCR, manhajar da ke karanto rubutu daga hoto.

Baba_Gyallesu:
Yara kuna ta ƙirga haruffa. Ni abin da na sani, in ka kai wa ma'aikatar gwamnati kaya, ba sa ba ka kuɗinka cikakke, sai sun zabtare haraji. Wannan zabtarewar a wane rukuni za a sa ta? Ko ita ce `E` ɗin?

Hajiya_Odita:
A'a Baba, ranka ya daɗe, wannan wata magana ce daban. Abu biyu suke riƙewa. Akwai harajin da ake cirewa daga kuɗin mai kaya tun daga tushe, wanda ake rubuta `WHT`, shi na kuɗin shiga ne, kuma a kan kuɗin kaya ake lissafa shi ban da VAT. Akwai kuma VAT ɗin kansa, wanda ma'aikatun gwamnati ke riƙewa su kai wa hukuma da kansu maimakon su ba dila. Dukansu ba su taɓa rukunin kaya ba. Garin wanki `S` ne ko an riƙe harajinsa ko an ba ka a hannu.

Amma tambayarka ta tuna mini wani tarko. Wasu takardun suna buga `WHT` a ƙasa, sai adadi na ƙarshe ya zama abin da za a biya bayan cirewa. Mai tsamo lambobi in ya ɗauki adadin ƙarshe a matsayin jimilla, ba za ta taɓa rufewa ba. A ware masa gurbinsa daban.

Baba_Gyallesu:
To madalla. Allah ya yi albarka.

Ummi_Samaru:
Ni ɓangaren tsamowa zan yi magana, don a nan ake fara ɓata lissafi kafin a kai ga doka.

Babban abin da ke cutarwa shi ne gurbin da ba a rubuta komai ba. Takarda tana da jerin haraji a gefe, layin garin wanki an sa 7.5, layin shinkafa fili. Wannan filin yana iya nufin sifili, yana iya nufin an tsame, yana iya nufin mai rubutu ya manta, yana iya nufin OCR bai gani ba. In ka bar manhaja ta mayar da fili zuwa 0, ka rufe wa kanka ƙofar sanin wanne ne. A Excel ma haka take faruwa ba ka sani ba: ka rubuta `=E5` alhali E5 fili ne, zai ba ka 0. Shi kuma `SUMIFS` in ka ce ya nemo 0, ba ya ƙirga gurbin da yake fili na gaske. Sai ka ga shafi ɗaya ya ba ka wata jimilla, kwafinsa ya ba ka wata.

Abin da nake ba da shawara, ka ƙara rukuni na huɗu, `?`. Duk layin da takarda ba ta faɗi matsayinsa ƙarara ba ya tafi can. Ba a rufe wata sai jimillar `?` ta zama sifili. Tarawar kuma haka:

```
=SUMIFS(C:C, A:A, H2, D:D, "S", E:E, 7.5)
```

Jerin A lambar inbois, H2 lambar wanda kake nema, C kuɗin layi bayan ragi, D rukuni, E reto. Ka lura kuma, lambar da ta shigo daga PDF a matsayin rubutu, `SUMIFS` tsallake ta yake yi shiru, ba ya kuka. In ka ga adadi ya jingina hagu a gurbinsa, ka zarge shi.

Nura_SabonGari:
Malama Ummi, rasit ɗin manyan shaguna fa? Su ba su da jerin haraji, sai wani ɗan tauraro ko harafi a ƙarshen layi.

Ummi_Samaru:
Su ne suka fi wahala. Tauraron nan ƙarami ne, takardar kuma irin mai goguwa ce, kwana kaɗan a aljihu ta dushe. OCR yakan yar da shi ko ya manna shi jikin farashi. Harafin `B` yakan koma 8, sai 4,300 B ta zama 43008. Ma'anar haruffan kuma ba ɗaya ba ce a ko'ina, wani shago `A` ne mai haraji, wani `A` ne mara shi. Fassarar tana can ƙasan rasit ɗin, don haka a ɗauki hoton har ƙasa, kada a yanke. Ka ajiye wa kowane mai kawo kaya nasa jadawalin haruffa.

Gwajin da ke kama yawancin kuskuren karatu kuwa shi ne yawa sau farashi ya ba da kuɗin layi. In 20 sau 4,300 bai ba da abin da aka karanto ba, layin ya tsaya nan, kada ya shiga tarawa. Haka yake kama yawa ko farashin da ɗigonsa ya ɓace.

Akanta_TudunWada:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a rasit ɗin da Nura ya ambata shi ne ƙa'ida: farashin da haraji ke cikinsa. Inbois ɗin dila yana ɗora VAT a ƙasa. Rasit ɗin shago kuwa farashin kan layi ya riga ya haɗiye shi. Kayan 10,750 harajinsa 750 ne, kuɗin kaya 10,000. Wanda ya buga 10,750 da kashi 7.5 zai samu 806.25, ya wuce da 56.25. Abin da ake yi shi ne a buga da 7.5 a raba da 107.5, ko a taƙaice a buga da 3 a raba da 43.

Yadda za ka gane wace iri ce a hannunka: ka tara layuka. In jimillarsu ta yi daidai da abin biya, haraji na ciki. In sai ka ƙara haraji take kaiwa, yana waje. Kuma a takarda gauraye layukan `S` kaɗai ake cire wa kashi 3 cikin 43 ɗin nan. Na sha ganin an raba jimillar rasit duka da 1.075, shinkafa da gishiri da komai, an ƙirƙiro harajin da ba a taɓa biya ba.

Sani_PZ:
Ni fa ina ganin ana tsawaita abu. A yi jadawalin sunaye kawai: duk inda aka ga shinkafa, masara, wake, gishiri, a sa `Z`. Sauran `S`. Manhaja ta yi aikinta.

Hajiya_Odita:
Jadawalin yana taimakawa wajen zato, amma kada ya yanke hukunci. Shinkafa a buhu abincin yau da kullum ce, shinkafa dafaffiya daga gidan abinci ko mai girkin biki tana da haraji. Madara daban, alewar madara daban. Auduga ma sharaɗinta a ce a gida aka yi ta, kalmar kaɗai ba ta isa ba. In za ka yi jadawali, ka yi shi da lambar kaya ta mai sayarwa, ba da suna ba.

Sannan kwanan wata. Shinkafar nan da muke kira `Z` yau, a tsohuwar doka cikin waɗanda aka tsame take, ita da littattafai da magunguna. A lokacin jerin sifili gajere ne, mafi shahara a ciki kayan da ake fitarwa waje ban da mai. Ke nan takarda irin ta Nura in ta Disamba 2025 ce, rukuni biyu gare ta: `S` 293,500 da `E` 1,072,500. A nan lissafinka na farko zai zama daidai, Malam Sani, sai dai sunan rukunin. Jadawalin da ba shi da ranar farawa da ranar ƙarewa zai ɓata duk takardun bara in aka sake bi ta kansu. Reton ma haka: kashi 5 ne kafin Fabrairu 2020, shi ya sa ake ajiye shi a gefen harafin.

Bashir_Kongo:
A kan wannan nake so in ja hankalin Nura. Ka ware jeri biyu. Ɗaya abin da takarda ta ce, ɗaya abin da kai kake ganin doka ta ce. Manhajojin shaguna da yawa har yanzu suna buga `Exempt` a gaban shinkafa don ba a sabunta su ba. Kada ka goge ka rubuta `Z` a kai. Ka bar `E` a jerin takarda, ka sa `Z` a jerinka, ka fitar da duk layin da suka saɓa. In takardar maigidanka ce, a gyara manhajar a sake bugawa. In ta mai kawo kaya ce, shi zai gyara. Ranar da mai bincike ya ɗauko takarda ya ɗora kusa da shafinka, dole ya ga abu ɗaya.

Akanta_TudunWada:
Gaskiya ne, amma a takardun saye ban ga dalilin wahalar da kai ba. Ko `Z` ko `E`, mai saye bai biya haraji ba, babu abin da zai nema. A ɓangaren sayarwa ne rabon yake da nauyi.

Bashir_Kongo:
A kuɗi haka ne. Amma kayan da ya saya su zai sayar. In aka shigar da su sito da harafin da bai dace ba, da shi za su fita.

Akanta_TudunWada:
Wannan matsalar rajistar kaya ce, ba ta tsamo inbois ba. Ni dai a saye ina tara su daban in takarda ta bambanta, in ba ta bambanta ba ba na bin mai kaya da waya a kai.

Ummi_Samaru:
Akwai nau'i na daban da ke ɓuya a cikin saye, kuma ba `Z` ba ne ba `E` ba. Ƙaramin ɗan kasuwa da cinikinsa bai kai adadin da doka ta sa ba, ba ya cajin VAT ko da garin wanki ya sayar. A da adadin naira miliyan 25 ne a shekara, sabuwar doka ta ɗaga shi. Takardarsa za ta zo babu haraji ko a layi ɗaya. Jadawalin Malam Sani zai ce garin wanki `S` ne, ya buga kashi 7.5, ya ƙirƙiro harajin saye da babu shi. Abin da ba a caja ba, ba a nemansa. Irin waɗannan ina ba su harafinsu, `O`, wato ba su shiga lissafin ba sam.

Danjuma_Kwangila:
Ni tambayata kwabbai. Nakan tara layuka in samu 22,012.52, takarda ta ce 22,012.50, misali. Wa ya yi kuskure?

Bashir_Kongo:
Wataƙila babu wanda ya yi. Hanya biyu ce. Wata manhaja tana lissafa harajin kowane layi ta daidaita shi zuwa kwabo sannan ta tara. Wata tana tara kuɗin rukunin sannan ta buga sau ɗaya. Ka ɗauki layi uku, kowanne 100.10. Harajin kowanne 7.5075, ya koma 7.51, uku 22.53. In ka tara 300.30 ka buga, 22.5225, ya koma 22.52. Kwabo ɗaya ya shiga tsakani ba tare da laifin kowa ba.

Don haka sassaucin da za ka bari ya bi yawan layuka: rabin kwabo sau adadin layukan `S`. Takarda mai layi 40 tana iya kaucewa har kwabo 20. Abin da ya wuce haka ba daidaitawa ba ce, a buɗe takardar. Kuma a rubuta harajin da takarda ta nuna, naka lissafin na dubawa ne.

Hanyar Malam Sani tana da nata haɗarin a nan. Rabawa da 0.075 tana ninka kuskure sau 13 da ɗoriya. In mai takarda ya daidaita harajinsa zuwa naira, kwabo 50 da ya yar za su koma kusan naira 6 da kwabo 67 a kuɗin kaya. Shi ya sa ba a ɗaukar abin da ta bayar a rubuta a matsayin jimillar rukuni.

Ummi_Samaru:
Masu Python su kiyaye `round()`. Yana kai rabi zuwa lamba mai rabuwa da biyu, `round(2.5)` 2 yake bayarwa, Excel kuwa 3. Ga kuɗi:

```python
from decimal import Decimal, ROUND_HALF_UP
vat = (Decimal("293500") * Decimal("0.075")).quantize(
    Decimal("0.01"), ROUND_HALF_UP)
```

Rabon ragi ma yana barin kwabo. Na Nura ya fita cif don kashi 2.5 ne. In bai fita ba, ka daidaita biyu, na ukun ya zama abin da ya saura, don rabon ya koma daidai ragin da ke takarda. Nakan bar saurar ta faɗa kan rukunin da ya fi girma.

Nura_SabonGari:
Allah ya saka da alheri. Na fahimci rukunan da ragin. Saura kuɗin mota. Kashi 72 cikin ɗari na kayan nan sifili ne. Daidai ne a caji 7.5 a kan 40,000 ɗin duka?

Hajiya_Odita:
In an rubuta shi a layinsa daban, ni `S` nake ɗaukarsa. Dakon kaya hidima ce, kuma ba ya cikin jerin sifili ko na tsamewa. Abin da aka tsame a harkar mota shi ne motar haya ta fasinja da ake shiga tare, ba motar kaya ba.

Akanta_TudunWada:
Hajiya, ban ƙi ba in mai mota ne daban ya kawo takardarsa. Amma a nan dila ne da motarsa, kai kayan wani ɓangare ne na cinikin. Da ya narkar da kuɗin cikin farashin buhu, ai babu wanda zai caji shinkafa. In aka raba shi gwargwadon kaya, rabon `S` 7,647.06 ne, harajin takardar ya sauka zuwa 19,586.03. Makarantar ta tsira da naira 2,426 da 'yan kwabbai.

Hajiya_Odita:
Da ya narkar, da ba ma wannan maganar. Bai narkar ba, ya rubuta shi da sunansa. Wanda zai raba ya tanadi hujjar da zai nuna wa hukumar haraji ta ƙasa, NRS, don kuskuren cajin ƙasa daga aljihun dila ake biyansa.

Bashir_Kongo:
Ko wanne ne daidai, ba aikin mai tsamowa ba ne ya zaɓa. Takardar nan ta riga ta zaɓa, 22,012.50 ta faɗa. Nura ya rubuta 293,500 a `S`. In maigidan yana so a sauya tsari, ya zauna da mai ba shi shawarar haraji, a sauya daga takardun gaba.

Danjuma_Kwangila:
To in makarantar ta dawo da kiret 5 na lemo fa?

Bashir_Kongo:
Takardar mayarwa ake yi, da lambar inbois na asali a kanta, kuma ta bi rukuni da farashin asali bayan ragi. Kiret 5 a kan 4,300 21,500 ne, cire kashi 2.5 saura 20,962.50, harajinsa 1,572.19. Su shiga da alamar ragewa a `S`. Kada a raba su kan rukunai kamar ragi. Ka kula, da yawa cikin takardun mayarwa ba sa buga alamar ragewa, kan takardar ne kaɗai ke faɗi, sai manhaja ta ƙara maimakon ta cire.

Sani_PZ:
Kuɗin ajiyar kiret da kwalabe fa, wanda ake mayar wa mutum in ya dawo da su? Wasu dilolin lemo suna sa shi a layi. Ni `E` nake sa masa.

Ummi_Samaru:
Ba `E` ba ne, don babu shi a jerin da aka tsame, kuma in ka sa shi can ka rage wa maigida kason da Hajiya ta yi bayani. In da gaske ana mayarwa, `O` ya fi kusa. In kuma mai takardar ya haɗa shi cikin abin da ya caja, raba harajin da 0.075 zai nuna maka.

Akanta_TudunWada:
Sai ranar da ba a dawo da kwalaben ba, dila ya riƙe kuɗin. A nan ya zama ciniki, kuma babu sabuwar takardar da za ta fito ta gaya maka. Nura, maigidanka yana karɓar kuɗin kiret?

Nura_SabonGari:
Yana karɓa, amma a littafin hannu yake rubutawa, ba ya shiga PDF. Zan karɓo littafin gobe in Allah ya kai mu, in ga nawa ne ya kwana a ciki kafin 21 ga wata, ranar ƙarshe ta miƙa lissafin VAT.